Sunan Kaltume a Bakin Mu'awiya

Duk wanda ya saba shiga mota daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ya san Kaltume, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar da ke zaune bayan tagar sayar da tikiti a ɗaya daga cikin tashoshin manyan motoci na bakin titi, da hijabi ruwan toka, da muryar da ke ratsa ƙarar inji ba tare da ta ɗaga ta ba.

A Ɗan Kassari aka haife ta. Babanta manomi ne, yana da amalanken jaki da yake ɗaukar wa mutane kaya ranar kasuwa. Da ta ci jarrabawar shiga kolej aka kawo ta Dogon Dutsi wajen gwaggonta, tun daga nan ba ta sake komawa ƙauye da zama ba. Ta yi aiki a wani shagon buga waya har salula ta cika gari shagon ya mutu, sannan ta samu wannan tagar. A nan ta haɗu da Abdussalamu, mai sayar da kayan gyaran babur, ɗaya daga cikin samarin ƴan kasuwa masu ɗage wando da zuwa karatu bayan magariba. Lokacin aurensu abokansa sun yi ta magana, wai matar da ke zaune cikin direbobi da ƴan dako ba ta dace da shi ba, in ma zai aure ta sai ta bar aiki. Ya ce musu ya san wadda zai aura. Ta ci gaba da aikinta, ta haifa masa ƴaƴa, babbar ita ce Marwa.

Tikiti kowa zai iya sayarwa. Abin da ya sa aka san Kaltume daban ne. Tsoho zai taso daga ƙauye da ɗiyarsa da za ta makaranta a Doso, ya tsaya a tagar ya ce, "Ga ta nan, amana." Kaltume za ta zaunar da yarinyar kusa da wata dattijuwa, ta gaya wa direba inda za a sauke ta, ta kira wanda zai tarbe ta. Magidanci zai kawo matarsa da za ta asibiti, haka. Ba a biyan ta wannan, ba ya cikin aikinta, amma da shi take taƙama. Ta san wa ke jituwa da wa, wa ke amai a mota, wa bai taɓa zuwa birni ba. A rana ɗaya takan haɗa mutane da yawa, wannan ya riƙe wa wancan jaka, wancan ya nuna wa wannan hanya, kuma ba a taɓa jin wata magana ta biyo baya ba.

Bushira ƙawarta ce tun kolej, ƴar Sukukutane, suna benci ɗaya. Tela ce, tana da shagon ɗinki a bayan kasuwa. Ta yi aure, mijin ya tafi neman kuɗi Aljeriya, bayan shekaru ya aiko mata da saki ta waya. Ba ta son a tayar da zancen, Kaltume kuwa ko da wasa ba ta taɓa tayar da shi a gaban wani ba.

Mu'awiya kuma maƙwabcinsu Kaltume ne. Ma'aikacin gona ne da aka turo daga yankin Maraɗi, gwauro, mai yawan dariya da son a ce ya iya magana. Masallacinsu ɗaya da Abdussalamu, kuma yakan aika wa mahaifiyarsa saƙo ta tasharsu Kaltume, shi ya sa suke gaisawa.

Wata safiya bayan girbi, Bushira ta zo tasha da mahaifiyarta da za a duba wa ido a Yamai. Tsohuwar ba ta gani sosai, Bushira kuwa ba ta san birnin ba. Mu'awiya shi ma yana cikin motar, za shi taro. Kaltume ta ba Bushira da mahaifiyarta kujeru biyu a jere, shi kuma kujerarsa tana ɗaya gefen. Kafin mota ta tashi ta kira shi a gaban kowa.

"Malam Mu'awiya, wagga ƙawata ce Bushira, ga Inna. In kun isa ka taimaka musu da taksi zuwa asibiti, don Allah."

"An gama, Madam," in ji shi.

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya samo musu taksi, ya ma raka su har asibitin, ya karɓi lambar Bushira don ya ji yadda aka ƙare. Har nan ba wanda zai ce ya yi laifi.

Bayan sun dawo, sai ya aika mata da saƙon murya. Bushira tana shago, wayarta a haɗe da ƴar lasifikar da suke sauraron wa'azi da ita, akwai mata masu jiran ɗinki, akwai matar yayanta Aminu. Ta ga sunan wanda ya taimake su, ta zaci jikin Inna zai tambaya, ta danna. Muryarsa ta cika shagon, yana magana yana ƴar dariya.

"Bushira, Kaltume fa ta san abin da take yi da ta haɗa mu a mota ɗaya. Ta ba ni labarinki duka, na ce wancan mutumin bai san abin da ya yar ba. Ni dai laifinta ɗaya, ta ɓoye mini cewa tana da ƙawar da ta fi ta kyau. In kina shakka ta, ki tambaye ta, za ta tsaya mini. In kuma kika ƙi ni, wajenta zan kai ƙara."

Kafin Bushira ta lalubi wajen kashewa, saƙon ya ƙare. Matan suka dubi juna, kowacce ta koma kan abin da ke gabanta. Amma kafin la'asar zancen ya fita daga shagon, ya zaga kasuwa, ya isa kunnen Aminu.

Kaltume ba ta san komai ba sai washegari, da Aminu ya zo ya tsaya a tagarta, layi na bayansa. Bai gaishe ta ba.

"Ashe sana'a biyu gare ki a nan? Mu muna kawo miki mata da ɗiyanmu muna cewa amana, ke kina rabon su ga gwauraye?"

"Yaya Aminu, mi ya faru?"

"Ki tambayi maƙwabcinki. Shi ya ce kin san abin da kike yi."

Ya juya ya tafi. Mutanen layi suka bi ta da ido. Ta ci gaba da yanka tikiti, ta kira Bushira ba ta ɗaga ba, ta sake kira, wayar a kashe. Da rana matar Aminu ta turo mata saƙon, wanda Aminu ya kwasa daga wayar Bushira, don ta ji da kunnenta. Ta saurare shi a bayan ofis, kusa da inda ake tara buhunan kaya. Da ta zo wajen "ta ba ni labarinki duka" sai da ta mayar da shi baya ta sake saurara.

Cikin kwanakin da suka biyo baya ta ga abin da magana take yi. Wani dattijo daga Sukukutane da ya saba kawo mata jikarsa ya wuce tagarta, ya kai yarinyar tashar da ke gaba. Shugaban tasha ya kira ta ya ce ba ya son a riƙa zuwa ana hayaniya a wajen aiki, ta tsaya ga tikiti kawai. Wani ɗan dako ya ce mata cikin wasa shi ma a nema masa kujera mai albarka, ta yi masa kallon da bai sake ba. A shagon Abdussalamu kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka hana shi aurenta ya zo sayen taya, ya ce, "Mun dai faɗa." Wani ya tambaye shi a hankali, yaya aka yi maƙwabci ya san kyan matarsa har yake auna shi da na wata.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Mu'awiya bai ma san ya yi wani abu ba. Ya zo tasha da ƙullin saƙon mahaifiyarsa, fuska a sake, ya ce, "Madam, ƙawarki shiru, ko za ki sa baki?" Ta ce daga baya ba ta taɓa jin sha'awar jifan mutum da hatimi ba sai ran nan. Ta haɗiye, don mutane na kallo, ta ce ya zo gida bayan la'asar, maigidan na son ganinsa.

Ya zo. Abdussalamu ya shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Kaltume ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. Ba a kawo ruwa ba.

"Kunna saƙon da ka aika ma Bushira," in ji ta.

Ya yi murmushin kunya, ya kunna. Da jimlar farko ta ƙare ta ce ya tsayar.

"Na san abin da nike yi. To, mi nike yi? Faɗa mini a gaban Baban Marwa."

"Madam, salon magana ne kawai. Yabonki na yi, wai kin iya haɗa mutane."

"Taksi na ce maka. Ka ji na ce wani abu bayan taksi?"

"A'a."

"To niyyar da ka liƙa mini, daga ina ka samo ta? Kai ne ka ga mace ta yi maka, ka ji nauyin ka ce kai ne, sai ka ɗora mini. Ci gaba."

Ya sake kunnawa. Ta ba ni labarinki duka.

"Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a Doso ne, da Bushira ta sauka sayen ruwa, tsohuwar ta ba shi labarin sakin. Ya ga in ya ce daga bakin uwarta ya ji, Bushira za ta ji kunya, shi ya sa ya ce Kaltume.

"Ka ji tausayin uwarta, ni kuwa ba ni da mutunci? Tun muna ƴan mata take gaya mini abin da ba ta gaya ma kowa. Yanzu tana can tana tunanin wanne na faɗa, wanne na rage. Ci gaba."

Da aka zo wajen ƙawar da ta fi ta kyau, Abdussalamu ne ya ɗago kai ya dubi Mu'awiya, ya daɗe yana dubansa. Mu'awiya ya ce, "Wallahi Malam, ban nufi komai ba." Abdussalamu ya ce ya sani, amma mutanen kasuwa ba su sani ba.

"Sai na ƙarshen," in ji Kaltume. "In tsaya maka. Na san ka? Na san kana aika ma uwarka saƙo, na san kana gaisuwa. Ban san yadda kake da fushi ba, ban san abin da ka baro a Maraɗi ba. In ta aure ka bisa maganata ka cuce ta, wa za a zo ma? In kuma ba ta son ka, ka riga ka gaya mata sai ta zo ta yi mini bayani. Ka hana ta cewa a'a cikin kwanciyar hankali. Ka mai da ni alƙali a shari'ar da ban san da ita ba."

Mu'awiya ya ajiye wayar a kan tabarma. Can ya ce, cikin muryar da ba ta da dariyar nan tasa, "Na yi kuskure. Ki gaya mini abin da zan ce mata, in faɗa yadda kika ce."

Nan ne ta miƙe tsaye.

"Har yanzu ba ka gane ba! In na tsara maka magana ka kai mata, ai abin da anka ce ina yi ya tabbata. Ba ni tsara maka, ba ni duba maka, ba ni kai maka. Ka cire ni."

Ta shige ɗaki. Ya tashi ya tafi.

Da ya tsaya ya yi tunani da abin ya zo da sauƙi. Amma mutum ne mai gaggawar gyara. Kafin magariba ya aika wa Bushira wani saƙon: Kaltume ba ta da laifi, ta ma kira shi gida ta yi masa faɗa sosai, ta ce ba ruwanta, ta nuna ba ta son zancen sam. A ganinsa ya wanke ta. Bushira kuwa abin da ta ji shi ne an zauna a gidan Kaltume an yi taro a kanta, kuma ƙawarta ba ta ga ta cancanci mai aikin gwamnati ba. A karon farko tun da abin ya faru ta kira Kaltume.

"Da kin tallata ni, yanzu kuma kin hana? Mi na yi miki?"

Ba ta jira amsa ba ta kashe. Kaltume ta zauna da wayar a hannu, tuwo na kan wuta har ya kama. Ta ce wa mijinta, mutumin nan ko ya yaba ta ko ya wanke ta, duk ɗaya ne, sunanta yake ɗauka ya sa a inda nasa ya kamata ya zauna. Ta ce gobe za ta je ofishinsu ta tsaya a tsakiya ta faɗi abin da ke ranta. Abdussalamu ya ce ta bar masa.

Washegari Abdussalamu ya aika aka kira Mu'awiya, ya same shi a shago da hantsi, lokacin da ciniki bai buɗe ba. Ya ba shi benci tsakanin tayoyi da kwalayen man inji. Abdussalamu ba mai yawan magana ba ne, kuma ba wanda zai zaci ya taɓa tsara wa mace zance.

"Ka san yadda na san Maman Marwa?" ya tambaye shi. "Maikano direba ne ya haɗa mu. Shi ke kawo mini kaya daga Yamai. Wata rana kwalina ya ɓace cikin kayan tasha, ya kai ni tagarta ya ce, ga Abdussalamu, ki taimaka masa. Ta nemo kwalin. Ni kuma na riƙa komawa ba ni da kwali."

Mu'awiya ya ɗan yi murmushi.

"Maikano magidanci ne, wajen aikinsu ɗaya da ita. Da na ce mata Maikano ya ce kaza, ko Maikano ya san abin da yake yi, da na sa shi cikin bakin mutane. Amma kuma ba ni iya yin kamar ban san shi ba, tunda ta hanyarsa ta san ni ba ɗan iska ba ne. Ran da ta tambaye ni ko wani kwalin ya ɓace, na ce mata: Maikano kwali ya kawo ni nema, kwali kuwa na samu tun tuni. Wannan dawowar ba shi ya aiko ni ba, ƙafafuna ne sunka daina jin maganata."

"Sai ta ce mi?"

"Ta ce in kai su asibiti. Amma ta yi dariya."

Ya gyara zama, ya yi masa bayani a tsanake. Sunan wanda ya haɗa ku ana ambatonsa a kan abin da ya faru a fili, wanda kowa ya gani, a tsaya nan. Ba a sa masa magana a baki, ko da maganar kirki ce, balle wadda bai faɗa ba. Ba a ce ya shirya, ba a ce ya ba da labari, ba a ce zai yi shaida. Son naka ne, kai za ka ɗauke shi da bakinka. In za a yi wa wani dariya a cikin zancen, kai ne. In za ka yaba mace, ka yabi abin da kai ka gani da idonka, kada ka auna ta da ƙawarta. Kuma ka bar mata hanyar da za ta ƙi ka ba tare da ta rasa ƙawa ba.

"Kafin ka aika," in ji shi, "ka ɗauka Maman Marwa na zaune a shagon, ni ina zaune, Aminu na zaune, an haɗa wayar da lasifika. In akwai kalmar da za ta sa wani cikinmu ya sunkuyar da kai, cire ta."

Mu'awiya ya gwada a bakinsa. Ya fara da cewa Kaltume mutuniyar kirki ce, ba za ta haɗa shi da wadda ba ta dace ba. Abdussalamu ya girgiza kai, ya ce ya sake mai da ita mai zaɓe. Ya gwada da cewa mijin Kaltume ya ba shi shawara. Abdussalamu ya ce yanzu kuma shi ya jawo ciki. Mu'awiya ya share gumi, ya ce ashe abin da wuya. Abdussalamu ya ce da wuya ne don yana neman wanda zai tsaya a gabansa. Ya tashi ya je sallamar mai sayen fulogi, ya bar shi a bencin.

Mu'awiya bai aika komai ba a ranar. Ya fara zuwa wajen Aminu a rumfarsa ta hatsi, a gaban mutanen da ke zaune, ya ce maganar da aka ji tasa ce, shi ya ƙirƙira, Kaltume taksi kawai ta ce. Aminu bai sake masa fuska ba, amma ya saurara. Sai bayan kwana biyu ya aika wa Bushira saƙo, gajere, ba dariya a farkonsa.

"Bushira, na yi ƙarya a saƙona na farko. Kaltume ba ta taɓa ba ni labarinki ba, abin da na ji a mota na ji shi. Taksi ta ce in samo muku, kuma kina wurin ta faɗa. Ki yafe mini. Taksi dai na samo, wannan aikin na gama shi. Sauran nawa ne ni kaɗai. Tun da na ga yadda kika riƙe hannun Inna kina gaya mata duk abin da muke wucewa a hanya, har da shanu da gadoji, na kasa shiga mota ban duba ɗaya gefen ba. Jiya na duba, wani mai akuya na gani. In kin yarda in zo ta wajen Yaya Aminu, zan zo. In ba ki yarda ba, kada ki amsa, zan gane, kuma ba wanda zai ji daga bakina."

Bushira ba ta amsa ba. Amma ta je ta tambayi mahaifiyarta, tsohuwar ta ce ƙwarai ita ta gaya masa, yaro ne mai ladabi, mene ne a ciki. Da yamma Bushira ta zo gidan Kaltume da yadin da ta daɗe da alkawarin ɗinka wa Marwa. Ta tsaya a tsakar gida ta rasa ta inda za ta fara.

"Kin yarda na faɗa," in ji Kaltume. "Shi ne abin da ya fi mini ciwo. Baƙo ya zo jiya ya yi magana ɗaya, kin yarda."

"Na ji kunya ne a gaban mutane, hankalina ya tashi."

"Ni a gaban wa anka yi mini?"

Sun yi kuka, sun yi faɗa, Bushira ta auna Marwa, ta ci tuwo kafin ta tafi. Tana ƙofa ta ce ko Kaltume na son jin saƙon na ƙarshe. Kaltume ta ce ba ta so. Bushira ta ce to, a ganinta mutumin yaya yake?

"Ban sani ba. Ko na sani ba ni faɗa. Yayanki na da ƙafa, ya je Maraɗi ya tambaya."

Sai da aka yi sallar layya Bushira ta amsa wa Mu'awiya, ta ce ta ji labarin mai akuya, Allah ya ba su zaman lafiya. Ya gane an buɗe masa ƙofa. Aminu ya yi bincikensa ta wajen ƴan hatsin Maraɗi, aka yi abin da ake yi tsakanin manya, aka ɗaura aure kafin damina.

Aminu bai taɓa zuwa tagar ya janye maganarsa ba. Ya dai aiko matarsa da tiyar wake, Kaltume ta karɓa ta ce an gode, ta ce wa mijinta a layi aka zage ta, a ɗaki aka ba ta haƙuri. Wasu daga cikin tsofaffin da suka daina kawo mata ƴaƴansu sun dawo, wasu har yau tashar gaba suke zuwa. A gari kuwa, da aka ji an yi auren, masu cewa "ai da ma" suka ƙaru, don a wajensu auren ya tabbatar da zancen farko. Wannan ne abin da har yanzu in ta tuna take ajiye abin da ke hannunta ta fara magana da ƙarfi.

Tana nan a tagarta. Tana zuwa gidan Bushira, ta je sunan ɗansu na fari, ita ta kwana tana dama fura. Da Mu'awiya suna gaisawa, gaisuwar maƙwabta, ba ta wuce nan. A wajen sunan wata baƙuwa daga dangin mijin ta tambayi Bushira inda suka haɗu, Bushira ta ce a motar Yamai, ranar da aka kai Inna asibiti. Matar ta ce Allah mai iko. Kaltume na gefe tana zuba wa mutane fura, ta miƙa wa baƙuwar kofi, ta tambaye ta ko a ƙara mata sukari.